Jirgin da aka kama a mil 80 daga Legas

"Na ji an kama jirgin kamun kifi na baƙi a mil 80 daga gaɓar Legas. Shin har can ma ƙasar Najeriya ce?"

A'a, can ba ƙasar Najeriya ba ce, amma kifin wurin nata ne. Bisa yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, cikakken ikon ƙasa yana tsayawa ne a mil 12 na teku, kusan kilomita 22, ana aunawa daga inda ruwa ke tsayawa idan ya janye daga gaɓa. Daga nan zuwa mil 200 yankin tattalin arzikinta ne: kifi da mai da gas nata ne, hanya kuwa ta kowa ce.

Saboda haka jirgin da ke wucewa kawai ba a taɓa shi, sai in ya zuba koma babu lasisi. A aikin sintiri, cikin abubuwan da ake dubawa akwai ko komar a jiƙe take, da irin kifin da ke cikin ɗakin sanyi. Ko an kama jirgin ma, ana ba da belinsa da na matuƙansa, kuma in an same su da laifi, tara ce ko ƙwace kaya. Dokar ta hana ɗaure matuƙa kan laifin kifi, sai dai in ƙasar da ta kama jirgin da ƙasar jirgin sun amince da hakan.