Na'urar jin yoyon gas a kicin: inda za a kafa ta da abin da za ta kunna

"Malam, na sayi na'urar gano yoyon gas a Sabon Gari, mai wayarin ya kafa min ita can sama kusa da silin. Maƙwabciyata ta ce bai yi daidai ba. Waye mai gaskiya?" Uwargida daga Hotoro

Hajiya, maƙwabciyarki ce. Gas ɗin da ake ɗura mana a silinda, wanda za ki ga an rubuta LPG a kwalin na'urar, ya fi iska nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya zuba ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙasan kabad da ƙarƙashin ƙofa. Wanda yake tashi sama shi ne gas ɗin bututu irin na ƙasashen waje, kuma ina jin bidiyon can mai wayarinki ya kalla.

Ga lissafin. A ce kicin ɗinki mita 2 ne da mita 3. Iska tana fara iya kama wuta idan gas ya kai kusan kashi 2 cikin 100 nata. Santimita 30 na ƙasan wannan kicin lita 1,800 ne na iska, kashi 2 ɗinsa lita 36, wato gas da bai kai giram 100 ba. Kan murhu ɗaya da miya ta tafaso ta kashe shi aka bar shi a buɗe yana iya fitar da hakan a cikin kamar rabin awa. A lokacin nan na'urar da ke silin tana can tana shan iska mai daɗi.

A sauko da ita, kada ta wuce santimita 30 daga ƙasa, tsakaninta da murhu mita 1 zuwa 4. Kada a sa ta bayan kabad, ko jikin wurin wanke-wanke, ko bakin ƙofar da iska ke kaɗawa. Ki sa ido kan mai goge ƙasa kada ta yi mata wanka.

"Ina da na'urar jin hayaƙi a kicin. Ba ta isa ba?" Mai karatu daga Gwale

Ba ta isa ba. Hayaƙi take ji, shi kuma yoyon gas ba ya hayaƙi sai aikin gama ya gama. Ka nemi wadda aka rubuta LPG, mai batir na ko-ta-kwana a ciki, in da hali mai lambar EN 50194. Ka rubuta ranar da ka kafa ta a jikinta, domin yawancinsu shekara 5 suke yi a canza.

"Na haɗa MQ-2 da Arduino, amma lambobin sai hawa da sauka suke, rannan ma ta yi ƙara ana turaren wuta. Yaya zan saita ta?" Ɗalibi daga Kabuga

MQ-2, 'yar na'urar jin gas da ake jona wa allon Arduino, ba ta da zaɓi, hayaƙi da turare da maganin sauro duk gas ne a wurinta. Koma MQ-6. Sabuwa ka bar ta a jone awa 24 zuwa 48 kafin ka yarda da lambarta, domin akwai ɗan hita a ciki da sai ya gasa ta ta nutsu. Bayan nan ka auna voltejin da take fitarwa, wato `Vout`, a tsakar gida inda iska take da tsabta. `RL` resistar da ka haɗa ta da ita ce, `Rs` turjiyar na'urar, `R0` kuma lambar da za ka ajiye ka riƙa kwatantawa da ita:

```
Rs = RL * (5.0 - Vout) / Vout
R0 = Rs / 10
```

Sai ka sa ta yi ƙara idan `Rs/R0` ya sauko zuwa 1, wato kusan 1,000 ppm, gas kashi 1,000 cikin miliyan na iska, nesa da inda wuta ke kamawa. Zafi da laima suna karkatar da ita, don haka saitin hunturu ka sake shi da damina, ka kuma kakkaɓe ƙurar da ke toshe ragar. Wajen gwaji, ɗan danna laita ba tare da ka kyasta ba, daga nesa kaɗan, na daƙiƙa biyu. Wannan aikin makaranta ne, malam. Kicin ɗin Umma a sayo masa ta kanti.

"Ina so in haɗa tawa yadda da ta ji gas za ta kunna fankar fitar da hayaƙi da fitilar kicin, ta kuma turo min saƙo a waya. Wane rile zan saya?" Injiniya daga Sharaɗa

Ranka ya daɗe, kada ka sayi ko ɗaya. Wannan tambayar tana yawan zuwa, kuma kullum daga masu ilimi take zuwa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ɗaki ya cika da gas, abu ɗaya ya rage masa: tartsatsi. Rile ƙarfe biyu ne da ke haɗuwa su rabu, kuma suna tartsatsi. Makunnin fitila yana yi. Fankar bango ta kasuwa ba a ƙera ta don aiki a cikin gas ba. Wato ka kashe kuɗi ka ɗauko mai gadi, ka ce masa in ya ji warin fetur ya kyasta ashana ya duba. Ko da ta tashi lafiya ma, fankar tana can sama kusa da silin, gas ɗin yana ƙasa. Masana'antu suna da fankoki na musamman da aka rufe injinsu don irin wannan, farashinsu ba na kicin ba ne. Abin da ya fi maka sauƙi shi ne magini ya huda maka ƙofar iska a ƙasan bangon da ke kallon waje, a sa mata raga saboda ɓera.

Abu biyu na yarda na'urar ta yi. Na farko ihu, mai ƙarfin da zai tashi mai barci a ɗakin ƙurya, fanka tana juyawa, janaretan maƙwabci yana ruri. Ka gwada da kanka, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa wani ya danna `TEST`. Na biyu ta rufe gas ɗin. Akwai bawul mai aiki da lantarki da ake sa wa a layin gas bayan regulato, na'urar ta aika masa sigina ya datse. Ka zaɓi irin wanda in ya rufe sai mutum ya zo ya ja shi da hannu. Ɗaya nau'in, mai rufewa duk lokacin da ya rasa wuta, a Kano sai ya kashe tuwo sau uku kafin ya nuna, ranar nan za a cire shi a jefar. Mai aikin gas ne zai kafa shi, ya bi kowace gaɓa da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Kuma bawul ba ya maganin yoyon da ke kan silindar kanta, shi ya sa kullum nake cewa a fitar da ita waje, a inuwa, a jawo tiyo.

Ɗauke wuta ma ka sa shi a lissafi. Saboda hitar da ke cikinsu, waɗannan na'urori ba sa daɗewa a kan ƙananan batura. Ka jona taka a layin inbata. In ba haka ba, ana ɗauke wuta ta kurumce, gas ya taru, a dawo da wuta firji ya tashi kafin ita ta gama ɗumama.

Saƙon waya kuwa ka ƙara in kana so, amma kana cikin cunkoson Kantin Kwari ba abin da za ka iya rufewa. Mutanen gida za ka koya wa: in ta yi ƙara kada a taɓa makunni, kunnawa ko kashewa, a rufe kan silinda, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita, a yi waya daga waje. In warin bai tafi ba bayan an rufe silinda, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana.

"Tawa tana damunmu da ƙara duk lokacin da aka fesa maganin sauro, sai na zare ta." Mai karatu daga Na'ibawa

Mayar da ita. Gas ɗin da ke tura maganin daga gwangwani ɗan'uwan na silinda ne, aikinta take yi. Ka daina fesawa kusa da ita, feshin yana rage mata kwana.