Daga kwalin kaset zuwa fim mai dogon zango: yadda kuɗi ke tafiya a Kannywood

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'abociyar kallon finafinan Hausa ce daga Damagaram. Ina jin ana cewa da kuɗi kaɗan ake shirya su. To ta yaya ake yin su, ta ina masu su ke mayar da kuɗinsu, kuma me ya sa labaransu ke kama zuciyar mutane haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan kina son ki gane fim ɗin Hausa, fara duba yadda ake sayar da shi, domin hanyar sayarwar ce take yanke yadda za a ɗauke shi, har ma da irin labarin da za a saka a ciki.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa ƙarshen zamanin faifai, kasuwar tana hannun 'yan kasuwar kaset ne na Bata da Ƙofar Wambai. A zamanin kaset akwai wani tsari da matasan yanzu ba su sani ba: kwali furodusa yake sayarwa, wato murfin nan mai hotunan jarumai. Zai miƙa wa 'yan kasuwa uwar kaset ɗin, su sayi kwalaye a hannunsa, su kuma su nemi kaset ɗin da babu komai a kai su yi ta kwafa. A ce ya buga kwali 20,000. Iyakar abin da zai shiga aljihunsa ke nan, kuɗin kwali sau adadin da aka saya. Duk kaset ɗin da aka kwafa aka sa masa kwalin jabu, ko aka bayar haya unguwa guda ta kalla, ba shi da ko sisi a ciki.

Wannan tsari ne ya haifi abubuwan da aka san Kannywood da su. Ɗan kasuwa ba ya karanta labari, fuskar da ke kan kwali yake kallo, shi ya sa jarumai ƙalilan suka riƙa fitowa a kusan kowane fim. Sannan ana raba labari ɗaya zuwa kashi na 1 da na 2, wani lokaci har na 4, domin kowane kashi da kwalinsa. Waƙa kuwa ita ce tallar. Bayan Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta cika gari, sai ya zama furodusa kan fara zuwa situdiyo a buga masa waƙa da fiyano, a ɗauki rawar, a yanka tirela a liƙa a farkon wani fim, kafin ma a gama rubuta labarin. Idan kin taɓa ganin waƙar da ba ta da alaƙa da abin da ke faruwa a fim, yawanci dalilin ke nan.

Wayar hannu ce ta rusa wannan kasuwa. Da masu turi suka buɗe shaguna suna zuba wa mutane finafinai a memori da kuɗi kaɗan, ga kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, sai faifai ya daina fita. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri na mako-mako, daga 2020 kuma irin su Labarina da Izzar So suka nuna cewa fim mai dogon zango zai iya riƙe masu kallo. Yanzu mafi yawan ƙananan furodusoshi YouTube suka dogara da ita.

Bari mu bi ɗaya daga cikinsu. A ce yana son zango guda mai kashi 13. Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda kike kallonsa. Ana zama da sikirif a ware shi gida-gida: duk sin ɗin da ke falon Alhaji, daga kashi na 1 har na 13, a haɗa su wuri guda, domin gidan aro ne ko haya, kuma mai gida ba zai lamunci a yi ta zarya ba. Haka ake yi da babban jarumi. Shi ne ya fi kowa tsada, don haka a ba shi kwanaki kaɗan a ɗauke duk fitowarsa, yana canza kaya a mota ko a ɗakin baƙi. Sauran 'yan wasa da dama sabbin shiga ne masu neman a san su, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Kyamara sau da yawa ɗaya ce, sai a maimaita sin guda sau biyu ko uku: a ɗauko su gaba ɗaya, a dawo kan fuskar miji, a dawo kan fuskar mata.

A nan ne kurakurai ke shiga, kuma za ki iya gano su da kanki. Idan mai kula da kwantiniti ya yi sakaci, jaruma za ta fita daga ɗaki da jan mayafi ta iso ƙofar gida da shuɗi, saboda tsakanin sin biyun akwai mako guda. Amma ni a ganina sauti ne babban ciwon. Ido yana yafe hoton da bai fita sosai ba, kunne ba ya yafe gurnanin janareta. Na taɓa zama a lokeshan muka shafe yamma guda kan sin ɗin kuka, jarumar ta yi hawaye na gaske, sai a wajen edita muka ji ashe injin markaɗen maƙwabta ya cinye maganar duka. Dole aka sake naɗar muryar a situdiyo, kuma bakin bai taɓa daidaita da ita ba.

Idan an gama haɗawa, ƙa'ida ita ce a kai wa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta duba. Dokokinta kan sutura da taɓa jiki tsakanin mace da namiji suna cikin abubuwan da suka sa soyayyar fim ɗin Hausa ta tsaya cikin kalamai da kallo da waƙa.

Sai maganar kuɗi. YouTube ba ta fara biyan tasha kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya tsarma masa talla a tsakiya. Kin ga dalilin da ya sa ake jan hira ta yi tsawo, ake kuma yanke kashi daidai lokacin da uwargida ta turo ƙofa. Kallon da aka yi daga Saudiyya ko Turai ya fi na gida kawo kuɗi, domin masu talla a can sun fi biya. Shi ya sa furodusa ke haɗawa da tallar da yake nemowa da kansa, ta masu magani ko atamfa ko filaye, wadda ake sakawa a cikin shirin. Wanda ya kalla ta wajen mai turi kuwa, bai ƙara wa furodusa lissafi a YouTube ba.

Game da farin jinin labaran, tushensu littattafan soyayya ne da suka cika Kano tun shekarun 1980, waɗanda mata suka fi rubutawa suka kuma fi karantawa. Auren dole, kishiya, uwar miji, ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, rabon gado. Ƙarancin kuɗi ya dace da irin wannan labari, tunda rikicin kishi ba ya buƙatar komai sai tsakar gida da mutum uku. Kuma fim yana faɗin abin da kunya ke hana a faɗa. Amarya ba za ta iya mayar wa surukarta magana ba, amma za ta iya ƙara sautin talabijin lokacin da jaruma ke yin hakan, surukar na zaune a kan tabarma tana ji. Tun zamanin kaset, matan da ke cikin gida su ne manyan masu kallo, kuma marubutan sun san da su suke magana. A Damagaram ɗinku ma, ki lura da wane sin ne ake yin tsit a ɗaki idan ya zo.