Tanti, abincina bai canza ba amma ciki sai ƙaruwa yake

Assalamu alaikum Tanti. Ni malamar makaranta ce a Tawa, shekaruna 52. Shekara goma da suka wuce kilo 64 nake, yanzu 73, kuma duk a ciki ya tsaya. Al'adata ta ɗauke shekara biyu ke nan. Wallahi cin abincina yana nan yadda yake. Rannan a wajen suna wata ta dafa cikina tana cewa Allah ya raba lafiya, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Wata ƙawata ta kawo min shayin rage tumbi daga Yamai. In sha?

Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye shayin nan tukuna. Yawancin irinsa zawo yake sawa ko yawan fitsari, ruwa ne yake fita, kitsen yana nan daram.

Na yarda da ke kan abincin. Kilo 9 a shekara goma bai kai kilo ɗaya a shekara ba. In aka raba shi kwana-kwana, abin da jiki yake ajiyewa kullum bai wuce kamar ƙwayar sukari ɗaya ba, irin wadda ake jefawa a shayi. Wa zai lura da wannan a kwano? Sai dai kada ki ce barin ƙwaya ɗaya zai mayar da ke 64. Abin da ya taru a hankali yana buƙatar gyara mai ɗan nauyi.

Abin da ya fi canzawa shi ne aikin jiki. Ki tuna kanki kina da shekara 35: goyo a baya, wanki a duƙe, daka, zuwa kasuwa da ƙafa. Yau ƴaƴa sun karɓi tsintsiya da turmi, in za ki fita sai mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Hutu ne da kika cancanta, amma tsoka ba ta san girmamawa ba, in ba a aiki da ita raguwa take. Daga shekara 30 zuwa sama tana ragewa kaɗan-kaɗan, kuma ita ce ta fi kitse ƙona abinci. Tuwon da yake daidai da ke a da, yanzu ya ɗan yi miki yawa.

Ɗaukewar al'ada kuma aikinta daban ne. Sinadarin mata da ake kira istirojin shi yake tura kitse zuwa ƙugu da cinyoyi. Da ya ragu sai kitsen ya koma ciki, har can kewayen hanji da hanta. Shi ya sa za ki ga mace sikelinta bai motsa sosai ba amma zanen da take ɗaurawa da rara yanzu da ƙyar yake zagayowa. Wannan kitsen ne yake tafiya da ciwon sukari da hawan jini. Ga kuma zafin da yake taso wa mace cikin dare ya hana barci, musamman watan Afrilu a Tawa, kuma wanda bai yi barci ba washegari zaƙi da soye-soye yake nema.

Ki samu zare ki auna tsawonki, ki lanƙwasa shi gida biyu daidai, ki zagaya shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. In bakin zaren bai haɗu ba, akwai aiki. Mai tsawon santimita 160, ya kamata awon cikinta ya zama ƙasa da 80.

Ki fara da abin sha, can sukari yake ɓuya: shayi, fura, zoɓo, lemun kwalba. Sai man miya, ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga jarka. Ki rage malmalar dare, ki cika gurbin da dambun zogale, wake, ƙwai ko kifi, don tsoka tana son su. Tafiya mai sauri minti 30 bayan asuba, kwana biyar a mako. Sau biyu a mako kuma ki ba tsokar aiki: zauna ki tashi daga kujera ba dafawa, sau 10, ki huta, ki maimaita sau uku. Awon zaren yakan riga sikeli nuna canji, don haka ki ba shi wata uku.

Wata tambaya, ki amsa wa kanki: kina shan ƙwayoyin ciwon gwiwa na ƴan tebur, ko man shafawa mai sa haske? Wasu suna ɗauke da kotizon, yana kumbura fuska da ciki.

Ki je a gwada miki sukari da hawan jini ko da kina jin garau. In akwai kasala da jin sanyi da zubar gashi, a duba sinadarin tayiroid na maƙoshi. Amma in cikin yana tasowa da sauri cikin makonni, ko kina ƙoshi daga loma kaɗan, ko kika sake ganin jini bayan wannan shekara biyun, kada ki jira wata uku, ki ga likitan mata cikin makon nan.