Shafin Hajiya da ke kai mutane gidan caca

Tambaya: "Salamu alaikum. Shafin da nake sayar da atamfa ne, kwastomomi sun ce in sun danna shi daga Google sai ya kai su wajen caca. Alhali yana da https, yaron da ya haɗa min ya ce ba mai iya taɓa shi."

Amsa, an kwafo daga murya:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. To, yaron nan ya faɗi abin da ba haka ba. Aikin https shi ne ya lulluɓe abin da ke wucewa tsakanin wayar kwastoma da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, kada wani a hanya ya karanta. Iyakarsa ke nan. Kyauta ma ake samunsa daga Let's Encrypt, kwana 90 yake yi ya sabunta kansa. Ɓarayin ma shafukansu na da shi.

Na leƙa, da manhajar WordPress aka gina naki. Galibi ta fulogin ake shigowa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafin, ko wanda aka bari ba a sabunta ba, ko na kuɗi da aka sauko da shi kyauta a wani lungu. Wannan na biyun da ɓarawonsa a ciki yake zuwa. Ki tambayi yaron, tsakaninsa da Allah, ina ya samo su.

Yanzu ki shiga inda ake sarrafa shafin, wajen da aka rubuta Users. Duk wani mai matsayin Administrator da ba ki sani ba, a cire shi. Ki canza kalmar sirri ta shafin, da ta hostin, wato kamfanin da ke ajiye miki shafin, da ta imel ɗinki, kowacce daban, mai tsawo, ba lambar waya ko sunan auta ba. A haɗa miki da Google Authenticator, ya zama sai da lambar da ke fitowa a wayarki ake shiga.

Amma fa wannan bai fitar da abin da suka riga suka dasa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a dawo da kwafin shafin na kafin su shigo, kuma a nan ake kuka. Na taɓa yi wa wani mai turare aiki, kamfanin hostin ɗinsa na kwana 7 kawai yake ajiyewa, ɓarayin kuwa sun yi sati 3 a ciki. Duk kwafin da muka buɗe da cutar a jikinsa. Haka muka sake gini daga tushe, odar mutane ta wata da watanni sai daga saƙonnin imel muka tsinto.

Saboda haka in an gyara, a sa miki fulogin ɗin UpdraftPlus ya riƙa tura kwafi Google Drive, ba cikin sabar ɗin ba. Rumbun bayanai, inda oda take, kullum. Hotuna da sauran fayiloli, sati-sati. A riƙe na wata guda aƙalla, kuma a gwada dawo da ɗaya a gabanki ki ga ya tashi.

Yau dai ki tambayi kamfanin hostin kwafi mafi tsufa da suke da shi na wace rana ce, ki turo min.