Hoton ragowa ya fito kamar mazurari, me zan yi?

Tambaya: Na yi rigireshan na abin da gidaje ke kashewa a kan kuɗin shigarsu, R² ya kai 0.81. Amma da na zana ragowar, ɗigogin sun matse ta hagu, sun baje ta dama kamar mazurari. Aikin ya lalace ke nan?

Amsa: Bai lalace ba. Ragowa ita ce tazarar da ke tsakanin ainihin adadi da wanda layi ya yi hasashe, kuma rigireshan yana ɗauka cewa faɗin wannan tazara ɗaya ne daga farkon layi har ƙarshensa. A naka ba haka ba ne, kuma da dalili: mai ƙaramin ƙarfi abin da zai kashe sananne ne, mai hali kuwa wani ya ɓarnatar, wani ya adana.

Gangaren layin da ka samu bai karkace ba. Abin da ya gurɓace shi ne `Std. Error`, wato kuskuren awon gangaren, wanda a irin wannan hali yakan fito ƙasa da gaskiya, sai ƙimar p ta yi kyan da bai kamace ta ba. R² kuwa ba ya ganin wannan matsala ko kaɗan.

Amma kafin ka taɓa mazurarin, dubi jan layin da manhajar R ke ja a tsakiyar hoton `Residuals vs Fitted`. In ya lanƙwashe kamar harafin U, wannan ya fi muni, domin alaƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, hasashen kansa ba daidai ba ne. Shi ake fara gyarawa.

In layin a miƙe yake, sai ka auna yadda bakin mazurarin ke buɗewa. A ce inda aka yi hasashen 100 ragowa na kai 10 sama ko ƙasa, inda aka yi hasashen 1,000 kuma tana kai 100. Ka ga kuskuren kashi 10 cikin ɗari ne a ko'ina, to a nan logaridim ne magani:

```r
m2 <- lm(log(kashewa) ~ log(shiga), data = d)
plot(m2, which = 1)
```

Sai dai fassara ta canza. In gangaren ya fito 0.8, ma'anarsa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a kuɗin shiga na tafiya da ƙarin kusan kashi 0.8 cikin ɗari a kashewa. Kuma logaridim ba ya karɓar sifili. Masu ƙara 1 don su kauce wa hakan su sani sakamakonsu zai dogara da ma'aunin da suka yi amfani da shi.

In kana son alƙalumanka yadda suke, bar layin farko, wato `m` a nan, ka gyara kuskuren awon kawai da hanyar da masanin tattalin arziki Halbert White ya fitar a 1980, wadda aka inganta daga baya:

```r
lmtest::coeftest(m, vcov. = sandwich::vcovHC(m, type = "HC3"))
```

Wannan ya wadatar in gwada gangare kake yi. In kuwa tazarar hasashe ta gida guda kake nema, ba zai taimake ka ba, domin za ta ci gaba da yi wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi faɗi, ta yi wa masu hali ƙunci. A nan ni logaridim zan ɗauka.