Ɗaure kyamara a jikin motar, titi ne zai yi gudun

"Maigida, na sa manhajar AI mai haɗa bidiyo ta yi mini baƙar mota tana bin jar mota a guje. Farkon ya yi kyau, amma kafin ƙarshe komai ya cakuɗe, har jar motar ta rikiɗe ta koma wata daban. Ina gyaran yake?"

Ƙanena, na duba umarnin da ka rubuta. Ka sa mota gudu, ka sa kyamara zagaye, ka ƙara da girgiza, duk a gutsuren bidiyo guda. Abu uku ke nan suna motsi lokaci ɗaya, babu ko ɗaya da ya tsaya balle manhajar ta riƙe shi.

Mu yi lissafi kaɗan. Bidiyon fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato fiye da mita ɗaya tsakanin hoto da na bayansa. In kyamara tana tsaye a bakin titi, kafin ƙiftawar ido motar ta shigo ta fice. Ita kuwa manhajar ba mota ce ajiye a wurinta ba, zana ta take yi a kowane hoto, tana ƙoƙarin ganin sun yi kama da juna. Duk sanda motar ta yi tsalle mai nisa a allo, ko ta ɓace bayan wani abu, sai ta koma zane da ka. A nan ne fitila ke sauya siffa, ƙofa huɗu ta koma biyu.

Saboda haka ka sa kyamara ta bi motar kafaɗa da kafaɗa, gudunsu ɗaya. Ka tuna in kana cikin bas, wata motar ta jero da ku: kana ganin direbanta sarai, bishiyoyi ne ke shuɗewa. Haka kake son allonka. Motar ta zauna wuri guda, girmanta bai sauya ba, sannan ka ba ido abin da zai auna gudu da shi: turakun fitila, farin layin titi, ƙura daga tayoyi. Ka sauko da kyamara dab da kwalta, domin abin da ke kusa ya fi saurin wucewa a ido. Shi ya sa hoton da aka ɗauko daga sama yake sa mota ta zama kamar tana rarrafe.

Ga yadda zan rubuta naka:

```
Low side tracking shot, camera matches the speed of a red sedan
driving left to right. The car stays centered and sharp.
Street lamps streak past with motion blur. A black SUV follows
three car lengths behind. One continuous shot.
```

Lura da tazarar da na bayar tsakanin motocin. Ban yarda su haɗu ko ɗaya ta shiga gaban ɗaya ba, domin wurin gittawa ne launi ke malala daga wannan zuwa waccan. Na kuma bambanta su a jiki, ƙarama da babba, launi kaɗai ba ya isa. Dishi-dishin ma na faɗi inda zai zauna: a kan fitilun titi, motar kuma ta fito tar. In ba ka faɗa ba, har ita zai shafa. Kuma ka rubuta abin da kake so ya faru. In ka ce kada kyamara ta girgiza, sau da yawa ambaton girgizar ne ke jawo ta.

Wani abin da ya ci ka shi ne haɗama. Manhajoji irin su Veo da Kling da Runway gajeren gutsure suka saba bayarwa, daƙiƙa 5 zuwa 10, kai kuwa ka cusa tsere da kwana da tsallake gada a ciki. Kowane gutsure aiki ɗaya za ka ba shi. Kwana daban, fuskar direba daban, taya daban, ka haɗa su wajen editin. Amma ka kiyaye alƙibla: in jar motar ta tashi daga hagu zuwa dama, haka za ta ci gaba a sauran, in ba haka ba mai kallo zai ɗauka ta juyo da baya. Bayanin motar kuma ka maimaita shi kalma da kalma a kowane umarni. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ka ɗora hoton motar guda ɗaya a matsayin mafarin kowane gutsure.

Ƙwallon ƙafa ma haka take, sai dai ta fi wuya saboda ƙwallon ƙarama ce, ƙafafu kuma suna gittawa. Ɗan wasa ɗaya za ka bi, rigarsa ta fita daban, bugu ɗaya, sauran 'yan wasa can nesa.

In ya fito, kada ka tsaya ga kallonsa a guje, gudu yana ɓoye aibi. Bi shi hoto bayan hoto, ka duba tayoyi ko suna taɓa ƙasa, ka kwatanta fitilun gaba a hoton farko da na ƙarshe. In rikiɗar ta soma a daƙiƙa ta 6, yanke a ta 5 ka wuce. A wurin tsere, gutsuren daƙiƙa 2 ko 3 ma ya isa.