Idan sun tambaye ki ciki, ki mayar da maganar kan aiki

"Yaya, na samu gurbin karatun akanta a Liyon ta ƙasar Faransa, kuma ina son ɗan aiki a gefe. A nan Maradi duk inda na je neman aiki sai an tambaye ni ko mijina ya yarda, ƴaƴana nawa, ko ina da ciki. Can ma haka ne? Me zan ce? Shekaruna 31, kuma ina sa hijabi."

Ƙanwata, ke ce ta huɗu da ta aiko mini irin wannan saƙon tun bayan ƙaramar salla, amma ke kaɗai kika yi tambayar da ta dace. Sauran duk albashi suke tambaya.

Takardar tarihin aikinki da kika turo na gani. Kin rubuta ranar haihuwa, kin rubuta "matar aure, ƴaƴa biyu", kamar yadda ake buga mana a gida. Goge su tun yau. Kin amsa tambayoyin da dokar Faransa ta hana a yi miki, tun ba a buɗe baki ba.

Dokar ƙwadagonsu, a saɗara L1221-6, ta ce duk abin da mai ɗaukar aiki zai tambaya dole ya shafi aikin kai tsaye. Aure, addini, shekaru da ciki suna cikin abubuwan da aka haramta a ware mutum saboda su. Kan ciki ma an fi tsanantawa: an hana shi binciken ko kina da shi, ke kuma ba dole ba ne ki faɗa. Wanda kotu ta kama da laifin ƙin ɗaukar mutum a kan waɗannan dalilai yana iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, kusan miliyan 30 na sefa.

Wannan a takarda ke nan. Ni ban san da shi ba a 2015, ranar da na je neman aiki a nan Faransa, na zauna gaban wata shugabar gidan kula da tsofaffi. Mun yi kusan minti ashirin ana maganar aiki, tana ta gyaɗa kai, har ta nuna mini jadawalin sati. Sai ta dubi zoben hannuna, ta ajiye biro, ta yi murmushi ta ce, "Iyali fa, an gama ko da saura?" Kin san tarbiyyarmu, babba ya tambaye ki sai ki amsa. Na ce mata ina da cikin wata biyu, har ina jin kunya ina sunkuyar da kai. Ta ce madalla, ta rufe jadawalin, ta raka ni ƙofa. Har yau ba ta kira ba. Wata biyar na yi ina goge benayen ofisoshi da asuba, da cikin nan, da takardar shaidata ta jinya a jaka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na fita daga ofishinta ina ta sa mata albarka, wai mace mai kirki ta tambayi lafiyar iyalina.

Yau ni ke tsara jadawalin ma'aikata a inda nake, kuma ina zama wajen tantance masu nema, don haka na ga abin daga ɗaya gefen teburin. Rashin adalcin yana nan ne: amsa ɗaya, hukunci biyu. Namiji ya ce yana da mata da ƴaƴa uku, sai a ce wannan magidanci ne, ba zai yi wasa da aiki ba. Mace ta faɗi daidai wannan, sai a fara lissafin ranakun da yaro zai yi zazzaɓi. Wadda ba ta haihu ba a ce ta kusa, wadda ba ta yi aure ba a ce miji zai ɗauke ta. Babu amsar da za ta fitar da ita. Kuma duk lissafin nan zato ne, ba a gwada ta a kan komai ba. Alhali hutun haihuwa a nan sati 16 ne ga ɗan fari da na biyu, kuma asusun inshorar lafiya ke biyan mace idan ta cika sharuɗɗa. Saboda sati 16 ake hana mutum aikin shekara goma.

Shekaru ma haka. Wanda ya ga 31 a takardar ɗaliba bai san shekarun da yajin aiki ya cinye mana ba, bai san haihuwa biyun da kika yi tsakanin lekol da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba. Zai ce kin makara kawai.

Dabarar da nake so ki riƙe ita ce, bayan kowace tambayar banza akwai damuwar aiki ta gaske, kuma ita suke da ikon tambaya. A aikin akanta, ƙarshen wata ne ake daɗewa a ofis don rufe lissafi. Suna iya cewa, "Za ki iya tsayawa har ƙarfe bakwai a kwanakin rufe wata?" Wannan halas ne, muddin kowa za a yi wa ita, namiji da mace. To idan aka ce miki wa zai riƙe yara, kada ki fusata, kada kuma ki buɗe littafin gidanku. Ki ce, "Idan maganar lokutan aiki ce, na duba su, zan iya cika su." Idan aka tambayi ciki, ki ce, "Wannan sha'anina ne na gida, amma ina son mu yi maganar manhajar lissafin da kuke amfani da ita." Ki maimaita kalmomin nan da Faransanci gaban madubi har bakinki ya saba, domin a wurin kunya ce za ta fara kama ki. Takardar izinin zama kuwa dole su tambaya, ki nuna. A matsayinki na ɗaliba, awa 964 aka yarje miki ki yi aiki a shekara.

Hijabi, a nan ba zan rufe ki ba. Ba su da ikon tambayar addininki, ko kina salla, ko za ki yi azumi. A jami'a ki sa abinki, babu mai hana ɗaliba. Amma ma'aikacin gwamnati, har na asibitin gwamnati, ba ya sa alamar addini a bakin aiki, kuma tun 2016 kamfani mai zaman kansa na iya rubuta irin wannan sharaɗi a dokokin cikin gidansa idan yana da dalili. Ki nemi ganin takardar dokokin kafin ki sa hannu. Idan babu shi a rubuce, son ran mai ganawar ne kawai.

Kada ki zaci doka za ta bi ki ta share miki hawaye. Magana ce ta baki cikin ɗaki, kuma masu wayo ba sa tambaya ma, sai dai su aiko da saƙon cewa an samu wanda ya fi dacewa. Duk da haka, da kin fito daga ganawar da aka yi miki irin tambayoyin nan, ki rubuta rana, lokaci, wanda ya yi tambayar da kalmomin da ya faɗa, ki adana tallar aikin da duk saƙon da suka turo. Sannan ki kira 3928, lambar hukumar Défenseur des droits mai karɓar ƙorafin wariya. Ni da na san da hukumar a 2015, da na kai kukana.

Ki gyara takardar ki sake turo mini kafin Juma'a, ki sa aikin da kika yi a shagon hatsin nan na kasuwa a sama, da yawan lissafin da kika riƙe. Ki gaida Inna da maigidanki.